Rariyar da ba ta hutawa: yadda FILTER ke tsamo masu bashi daga littafin ciniki

Ɗan ƙanwata shi ke riƙe da lissafin wani kantin sari a Kano, irin kantin da ke loda wa motoci shinkafa da sukari da mai zuwa garuruwan kewaye. Duk ranar Asabar maigidansa yakan nemi abu guda: a kawo masa jerin waɗanda suka ɗauki kaya ba su biya ba. Yaron kuwa sai ya buɗe Excel, ya danna ɗan kibiyar nan da ke saman teburi ya ɓoye waɗanda suka biya, ya kwafe sauran ya liƙa a wani shafi, ya buga a takarda. Kafin Litinin mutum biyu sun biya, uku sun ɗauki sabon kaya, takardar ta zama tsohon labari. Ranar da na ziyarce shi na tarar da shafuka sun fi goma a fayil ɗin, kowanne da sunan Asabar ɗin da aka yi shi, kuma shi kansa sai ya yi tunani kafin ya gane wanne ne na baya-bayan nan.

Na ce masa akwai fomula guda da za ta raba shi da wannan kwafe-kwafen. Ya ce, "Kawu, na gwada VLOOKUP, mutum ɗaya kawai take kawo min." Gaskiyarsa. Aikin VLOOKUP ke nan: ta bi layuka daga sama, ta ci karo da na farko da ya dace, ta ɗauko shi, ta tsaya. Ko mutum hamsin ne ke da bashi, na farkonsu za ta nuna maka. Wadda ke kawo su duka sunanta FILTER.

Mu ɗauki ƙaramin misali don a ga abin da ido. Shafin Excel gidaje ne kamar na dara, kowane gida da adireshinsa: harafin da ke samansa da lambar da ke gefensa. Layin kwance shi ne ciniki guda, na tsaye kuma, wanda zan riƙa kira ginshiƙi, shi ne iri guda na bayani. A ce littafin cinikin layi takwas ne kacal, kanun suna layi na 1, bayanan sun fara daga layi na 2:

```
A      B         C         D       E
Rasit  Gari      Kaya      Kuɗi    Matsayi
101    Bichi     Shinkafa  240000  Bashi
102    Wudil     Sukari    95000   An biya
103    Dambatta  Mai       180000  Bashi
104    Bichi     Sukari    60000   An biya
105    Gaya      Shinkafa  320000  Bashi
106    Bichi     Mai       150000  Bashi
107    Wudil     Taliya    45000   Bashi
108    Dambatta  Shinkafa  210000  An biya
```

Sai ka je wani gida da babu komai a ƙasansa da damansa, a ce G2, ka rubuta wannan, ka danna Enter:

```
=FILTER(A2:E9, E2:E9="Bashi", "Babu")
```

Abu uku ka faɗa mata. Na farko, A2:E9, shi ne garin da za a tankaɗe, wato duk bayanan da kake so su fito. Na biyu shi ne rariyar, sharaɗin da kowane layi zai cika kafin ya wuce. Na uku kuma abin da za ta rubuta idan ba a sami ko layi ɗaya da ya cika sharaɗin ba. Kana danna Enter, layi biyar za su bayyana daga G2 zuwa K6: rasit 101, 103, 105, 106 da 107, kowanne da garinsa da kayansa da kuɗinsa. A gida ɗaya ka rubuta fomula, amma amsar ta malala ta cika gida ashirin da biyar. In ka taɓa ɗaya daga cikinsu za ka ga wani siririn shuɗin zare ya kewaye filin gaba ɗaya, in kuma ka danna wani gida da ba G2 ba, fomular za ta bayyana a sama da toka-toka, alamar cewa ba nan take zaune ba, inuwarta ce kawai.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a ciki, don shi ne mabuɗin sauran bayanin. Wannan guntun, E2:E9="Bashi", tambaya ce da ake yi wa gida takwas ɗaya bayan ɗaya: kai Bashi ne? Kowanne ya amsa da TRUE ko FALSE, wato i ko a'a. Amsa takwas ke nan a jere, daidai da layi takwas na littafin. FILTER sai ta jera su kafaɗa da kafaɗa, duk layin da ya yi daidai da TRUE ta ɗauke shi, na FALSE ta bar shi. Shi ya sa dole tsawon biyun ya zama ɗaya. In ka rubuta A2:E9 a farko, sannan hannu ya zame ka rubuta E2:E8 a sharaɗi, layi takwas ne da amsa bakwai, Excel ba zai yi maka kintace ba, #VALUE! zai nuna maka.

Yanzu ga inda ta bambanta da takardar Asabar. Na ce wa yaron ya je E2 ya goge Bashi ya rubuta An biya, kamar dai mutumin Bichi ya kawo kuɗin shinkafarsa. Yana danna Enter, rasit 101 ya ɓace daga jerin, sauran huɗun suka matsa sama. Ya mayar da shi Bashi, ya dawo mazauninsa. Ya yi haka har sau uku yana dariya. Ba a kwafi komai ba, jerin madubi ne da ke kallon littafin, abin da ke can shi ke nan. Kibiyar da ya saba dannawa ɓoye layuka take yi a cikin littafin kansa, kuma in bayani ya canja sai an sake umartarta kafin ta gyara. Ita wannan ba ta taɓa littafin, kuma ba ta jiran umarni.

Maigida ba ya tsayawa a tambaya ɗaya. Gobe zai ce motar Bichi za ta tashi, a ba direba jerin masu bashin Bichi kaɗai. Sharaɗi biyu ke nan, kuma a Excel ana haɗa su ne da alamar ninkawa, kowanne a cikin bakansa:

```
=FILTER(A2:E9, (E2:E9="Bashi")*(B2:B9="Bichi"), "Babu")
```

Rasit 101 da 106 za su fito, jimlar naira 390,000. Dalilin ninkawar ba wani sihiri ba ne. A wurin lissafi TRUE ɗaya ne, FALSE sifili. Rasit 101 bashi ne kuma na Bichi ne, ɗaya sau ɗaya, ɗaya, ya wuce. Rasit 104 na Bichi ne amma an biya, sifili sau ɗaya, sifili, ya tsaya. In kuma motar za ta bi Bichi ko Gaya ce, kana son wanda ya cika ko da ɗaya daga cikin sharuɗɗan, sai ka sa alamar tarawa a madadin ta ninkawa, tunda ɗaya a tara da sifili ɗaya ne. Wanda ya ɗan san Excel zuciyarsa za ta raya masa ya yi amfani da AND ko OR a nan. Kada ya yi. Waɗannan biyun dunƙule duk amsoshin suke yi su ba da guda ɗaya tak ga littafin gaba ɗaya, alhali FILTER amsa take so ga kowane layi.

Ba lallai ne kuma a riƙa buɗe fomula ana canja sunan gari ba. Ka ware gida guda, a ce M1, ka sa B2:B9=M1 a wurin B2:B9="Bichi". Duk garin da aka rubuta a M1, jerin zai juya zuwa gare shi, ko maigida da bai san fomula ba zai iya. In yana so manyan basussuka su zo a sama, sai a naɗe ta cikin SORT, a ce mata ta jera bisa ginshiƙi na huɗu daga babba zuwa ƙarami:

```
=SORT(FILTER(A2:E9, E2:E9="Bashi"), 4, -1)
```

Kurakuran da ke fitowa fili ba su da wahalar magani, don su da kansu suke faɗin ciwonsu. In ka ga #SPILL!, wani abu ne ya tare filin da amsar za ta malala, wata lamba da aka manta a J5, ko gidajen da aka haɗe suka zama ɗaya. Ka share wurin, jerin zai fito da kansa. In ka ga #CALC!, ba a sami layin da ya dace ba ne kuma ba ka ba ta kashi na uku ba, wato a misalin SORT ɗin can, ranar da kowa ya biya bashinsa abin da za ka gani ke nan. Akwai kuma wasu ƙananan abubuwa biyu da kan tsorata sabon shiga. FILTER abin da ke cikin gida take ɗaukowa, ba ta ɗauko adonsa, don haka in akwai kwanan wata a littafin, 1 ga Janairu 2025 zai iya fito maka a matsayin 45658, wadda ita ce lambar da Excel ke ajiye wannan ranar da ita; ka zaɓi ginshiƙin ka mayar da shi tsarin kwanan wata, shi ke nan. Gidan da aka bari fanko a littafi kuma sifili yake fitowa a jerin.

Waɗannan duk masu ihu ne. Waɗanda nake tsoro su ne guda biyu da ba sa ihu, kuma don su na zauna rubuta wannan.

Na farko ya faru a gabana. Mako biyu bayan na koya masa, yaron ya kira ni ya ce maigida ya yi masa faɗa, an tura direba karɓar kuɗi wurin wanda bai yi alkawarin komai ba. Da na je na duba sai na ga abin da ya yi, kuma kowa zai iya yin sa. Jerin ya ƙare a ginshiƙin K, shi kuma sai ya buɗe L yana rubuta bayani da hannu. Mu koma kan misalinmu: a L3, daidai gefen rasit 103 na Dambatta, ya rubuta "ya ce ranar Juma'a zai biya". Washegari mai rasit 101 ya biya. Layinsa ya fita, 103 ya hau layi na 2, 105 na Gaya ya hau layi na 3. Rubutun hannun kuwa yana nan a L3 bai motsa ba, don shi ba ya cikin malalar. Yanzu duk wanda ya kalli shafin zai karanta cewa mutumin Gaya mai naira 320,000 ne ya yi alkawarin Juma'a. Babu saƙon kuskure, babu ja, babu komai. Shafin tsaf yake, ƙarya kawai yake faɗa.

Ya ce, "To Kawu, a ina zan riƙa rubutawa?" Na ce a littafin. Ka ƙara ginshiƙin F a can, ka sa masa suna Bayani, ka faɗaɗa fomular ta zama A2:F9. In bayanin yana manne da layinsa tun daga tushe, duk inda layin ya je tare za su tafi. Haka kuma ba a gyara a cikin jerin. In ka ga kuɗin 106 ba daidai ba ne ka rubuta sabuwar lamba a kan J5, ba ka gyara komai ba, tare mata hanya ka yi, jerin gaba ɗaya zai ɓace ya bar #SPILL! a G2. Ni a ganina wannan ya fi sauƙi, don aƙalla ka san an yi ɓarna. In kuma ana son hoton yadda bashi yake a wata rana ta musamman, a ce ƙarshen wata, don a ajiye tarihi, to nan kwafe ya halatta: a kwafi jerin a liƙa shi ta Paste Special a zaɓi Values, a rubuta kwanan wata a kai, a san cewa wannan ya daskare.

Na biyun ya fi wannan illa, don kuɗi yake ɓatarwa. FILTER ba ta san nufi ba, haruffa take gwadawa. Manyan baƙi da ƙanana ba su dame ta ba, BASHI da bashi duk ɗaya ne a wurinta. Amma a ce wanda ya shigar da rasit 105 yatsansa ya taɓa maɓallin tazara bayan ya rubuta Bashi. Ido ba zai ga komai ba. Ita kuwa a wurinta kalma mai harafi biyar da tazara a baya ba ita ce mai harafi biyar ba, sai ta ce FALSE, mutumin Gaya da naira 320,000 ɗinsa su zame daga jerin shiru. Mako ya bi mako ba wanda ya neme shi.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin namu a kan wannan. Gari ɗaya, wani ya rubuta Dambatta, wani Danbatta, wani kuma mai lanƙwasa a allon rubutunsa ya sa Ɗ a farko. A wurin mutum gari ɗaya ne, a wurin na'ura gari uku. Haka Ƙofar Wambai da Kofar Wambai. In yara biyu ko uku ke shigar da ciniki a kanti ɗaya, kusan tabbas za ka tarar da irin wannan.

Yaya ake ganewa? Hanya mafi sauƙi ita ce a sa lissafi ya tona asiri. Jimlar ginshiƙin D a misalinmu naira 1,300,000 ce. Waɗanda suka biya 365,000, masu bashi 935,000, in ka haɗa sun cike. Ana samun ta masu bashin da wannan:

```
=SUM(FILTER(D2:D9, E2:E9="Bashi", 0))
```

In tazarar nan ta shiga rasit 105, wannan fomula 615,000 za ta ba ka. Ka tara da 365,000, ka sami 980,000, saura 320,000 ba a san inda suka shiga ba. Na sa yaron ya ware gida guda a saman shafin da ke cire jimlar kashi biyun daga babbar jimla. Muddin sifili ne, lafiya. Ranar da ya nuna wata lamba, akwai layin da ya faɗa tsakani, kuma sau da yawa lambar kanta za ta nuna maka wanne ne. Hanya ta biyu ita ce =UNIQUE(E2:E9), wadda ke jero kalmomin da ke ginshiƙin ba tare da maimaici ba. Biyu ya kamata ka gani. In ka ga Bashi ya fito sau biyu, ɗayan yana ɗauke da tazara. Ka yi wa ginshiƙin garuruwa haka, duk Dambattocin za su fito su jeru.

Maganin gaggawa yana cikin fomula. TRIM(E2:E9)="Bashi" zai share tazarar gaba da baya kafin a gwada. Ga garin kuma, ISNUMBER(SEARCH("batta",B2:B9)) zai kama duk rubutun da ke da wannan guntun a cikinsa, ko da wane harafi ya fara. Amma wannan ɗinkin ɓaraka ne. Abin da ya fi shi ne a hana kuskuren shiga tun farko: a zaɓi ginshiƙin, a je Data, a shiga Data Validation, a zaɓi List, a ba shi kalmomin da aka yarda da su. Daga nan mai shigar da ciniki zaɓa zai riƙa yi daga ɗan jeri, ba rubutawa ba.

Saura rami guda daga irin wannan. Fomularmu ta tsaya a layi na 9, littafin ciniki kuwa kullum tsawo yake ƙarawa. Rasit 109 da za a rubuta a layi na 10 yana wajen shingen, FILTER ba za ta gan shi ba, kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Ka danna cikin littafin ka latsa Ctrl+T ya zama teburi na gaske, ka raɗa masa suna, a ce Ciniki, sannan ka rubuta:

```
=FILTER(Ciniki, Ciniki[Matsayi]="Bashi", "Babu")
```

Teburi yana faɗaɗa da kansa duk lokacin da aka ƙara layi a ƙasansa, fomular kuma tana biye da shi. Sai dai ita fomular a wajen teburin za ta zauna, a gefe ko a wani shafi daban, don amsa ba ta malala a cikin teburi. Ni shafi daban na fi so, inda ba abin da zai tare ta in jerin ya yi tsawo. Kuma gara su zauna a fayil ɗaya da littafin, domin in FILTER tana ɗauko bayani daga wani fayil, sai dukansu biyu suna buɗe take aiki daidai.

Kafin ka zauna gwadawa, duba irin Excel ɗin da ke kwamfutarka. Kamfanin Microsoft ya sanar da FILTER da 'yan uwanta irin su SORT da UNIQUE a watan Satumba na 2018, kuma ana samun ta a Microsoft 365, da Excel 2021, da Excel 2024, da wanda ake buɗewa ta intanet. Excel 2016 da 2019 ba su san ta ba, kuma su ne har yau a kwamfutocin kantuna da ofisoshi da dama. In ka rubuta ta a can #NAME? za ka gani, in kuma aiko maka fayil aka yi za ka ga _xlfn manne a gaban sunanta. Masu karatu a Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel na Faransanci, sunanta FILTRE a wurinku, kuma alamar ; ce ke raba kashi-kashin fomular a madadin waƙafi.

Google Sheets ma yana da FILTER, kyauta, har a waya, amma da ɗan bambanci da kan rikita mai ƙaura daga wannan zuwa wancan. A can babu kashi na uku na "Babu". Duk abin da ka sa bayan waƙafi na biyu ƙarin sharaɗi ne, don haka masu bashin Bichi haka ake nemansu:

```
=FILTER(A2:E, E2:E="Bashi", B2:B="Bichi")
```

A2:E ba tare da lambar ƙarshe ba yana nufin har ƙasan shafin, wato sabon ciniki zai shiga da kansa. In ba a sami wanda ya dace ba #N/A yake nunawa, sai a naɗe fomular cikin IFNA a ba ta kalmar da ake so. In wani abu ya tare filin, #REF! ne saƙonsa.

Mai karatu, in akwai irin wannan littafi a hannunka, kafin ka rubuta FILTER ko sau ɗaya, fara da sa UNIQUE a kan ginshiƙin da za ka yi sharaɗi da shi, ka ƙirga kalmomin da suka fito. A fayil ɗin ɗan ƙanwata, inda ya rantse kalma biyu ce kawai, huɗu muka tarar.